Me ya sa ƙofar ƙarfe take fara ciwuwa daga gindi? Fashin baƙi a kan tsatsa

Duk wanda ya zaga Birni ko Zango a nan Damagaram yana lura da ƙofofin ƙarfe na gidaje, zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Saman ƙofa lafiya lau, ko da fenti ya koɗe, ƙarfen yana nan da ƙarfinsa. Amma daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga dandamali, ƙarfen ya yi ja, ya kumbura, yana ɓarewa falle-falle, wani wurin har yatsa yana shiga. Ƙarfe ɗaya ne, mai walda ɗaya ya haɗa, rana ɗaya aka shafa fenti, iska ɗaya ke kaɗa sama da ƙasa. To me ya bambanta su? Wanda ya gane amsar wannan tambaya ya gane tsatsa, kuma zai san abin da fenti ke iya yi da abin da ba ya iyawa, da dalilin da ya sa ake lulluɓe kwanon rufi da tutiya.

Ƙarfe ba a samunsa tsantsa a cikin ƙasa. Tama da maƙeran dā suke haƙowa ƙarfe ne da ya riga ya haɗe da iskar oksijin, kuma jan launin marmara da na jar ƙasa daga irin wannan haɗin ya fito. Aikin narka tama shi ne a sa gawayi da wuta mai tsanani su fizge oksijin ɗin, a bar ƙarfe. An kashe ƙarfin wuta mai yawa kafin a raba su, saboda haka ƙarfen da ke hannunmu kullum a shirye yake ya koma ya haɗe da oksijin in ya samu hanya. Tsatsa ita ce wannan komawar. Sai dai a zafin yau da kullum ƙarfe da iska ba sa iya haɗuwa su kaɗai in ban da wani ɗan fatar da ido ba ya gani. Suna buƙatar ruwa a tsakani.

Ana iya tabbatar da wannan a gida da kwalba uku da ƙusa uku da aka goge suka yi fes. Ta farko a zuba ruwan famfo rabi, a jefa ƙusa, a bar bakin a buɗe. Ta biyu a tafasa ruwa sosai don iskar da ta narke a ciki ta fita, a zuba, a jefa ƙusa, a malala man gyaɗa a saman ruwan don kada wata iskar ta sake shiga. Ta uku kuwa a bushe take, a sa ƙusa tare da wani abu mai tsotse danshi, kamar ƴan ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a rufe ruf. Cikin ƴan kwanaki ƙusar farko za ta yi ja, ruwan ya gurɓace. Sauran biyun za su zauna kusan yadda aka sa su. Ruwa babu iska bai ci ƙarfe ba, iska babu ruwa ita ma haka.

Dalilin da ya sa sai sun haɗu shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a wannan batu: tsatsa aikin lantarki ce. Duk inda ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfe, ƙaramin batiri ya kafu a wurin, na gaske, mai wutar da za a iya aunawa. A wani ɓangare na ƙarfen, ƙwayoyin ƙarfe suna sakin ƴan mitsitsin abubuwan da ke ɗauke da wutar lantarki, wato elektiron, biyu-biyu, su narke su shiga ruwa:

Fe → Fe²⁺ + 2e⁻

Elektiron ɗin da aka saki ba sa shiga ruwa. Suna bi ta jikin ƙarfen, tunda ƙarfe waya ce mai kyau, su je wani ɓangare inda oksijin ya narke cikin ruwa, a can oksijin ya karɓe su:

O₂ + 2H₂O + 4e⁻ → 4OH⁻

Abin da ya fito daga can da abin da ya fito daga nan sai su yi iyo cikin ruwan su gamu, su haɗe, ƙarin oksijin ya same su, su zama wannan jan garin da muke kira tsatsa, Fe₂O₃·nH₂O. Ke nan akwai abubuwa huɗu da dole su cika: wurin da ƙarfe ke narkewa, wurin da oksijin ke karɓar elektiron, hanyar ƙarfe da ta haɗa su, da hanyar ruwa da ta haɗa su. In aka yanke ɗaya, wutar ta tsaya, cin ƙarfe ya tsaya.

A nan akwai wani abin da yake saɓa wa tunanin mutum na farko. Tunda oksijin ke kawo tsatsa, sai a zaci wurin da iska ta fi yawa shi zai fi ciwuwa. Akasin haka ne. Wani masani a Cambridge, Ulick Evans, ya nuna wannan a shekarun 1920 da ɗigon ruwan gishiri a kan ƙarfe. Gefen ɗigon, inda ruwa ba shi da kauri kuma iska na shiga da sauƙi, shi ya zama wurin karɓar elektiron, bai ciwu ba. Tsakiyar ɗigon, inda iska ba ta kaiwa sosai, nan ne ƙarfe ya narke ya yi rami, tsatsar kuma ta kwanta kamar zobe a tsakaninsu. Wannan ne ya sa ƙarfe yake ciwuwa a ɓoyayyun wurare: ƙarƙashin ƙurar da ta jiƙe, tsakanin falle biyu da aka ɗora wa juna, ƙarƙashin kan ƙusa, daidai inda turken ƙarfe ya shiga ƙasa. Gangar da muke tara ruwa a ciki saboda ƙarancin ruwan garin nan, in an duba, za a ga layin ci yana ɗan ƙasa da inda ruwa ya saba tsayawa, da kuma gindi inda laka ta kwanta.

Gishiri ba ya cikin lissafin da ke sama, amma yana hanzarta aikin ƙwarai. Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar lantarki sosai, batirin yana tafiya a hankali. Da gishiri ya narke a ciki, hanyar ruwan ta buɗe, wuta ta ƙaru. Bayan haka gishiri yana jawo danshi daga iska ya riƙe, kuma yana fasa ɗan siririn fatar da ke kare ƙarfe. Fitsarin dabbobi, gumi, ruwan wanke-wanke, takin zamani, duk suna ɗauke da narkakkun gishiri iri-iri.

Sannan tsatsa ba ta rufe abin da ta fara. Tukunyar alminiyam ita ma tana haɗewa da oksijin, har ma ta fi ƙarfe sauri, amma fatar da take yi siririya ce, mai maƙewa, ba ta da ƙofa, don haka da ta rufe sai aikin ya tsaya. Tsatsar ƙarfe kuwa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta fito daga gare shi. Ba ta zama daidai a mazauninta, sai ta kumbura ta tsage, ta zama soso mai riƙe ruwa da gishiri a jikin lafiyayyen ƙarfen da ke ƙasa. Wannan kumburin ne ke fasa kankare in rodin da ke ciki ya fara tsatsa. Siminti da kansa yana kare rodi muddin an lulluɓe shi da kauri, amma in magini ya bar rodi dab da fuska, ruwa zai same shi, sai ka ga tsaga ta bi tsawon ginshiƙi da jan zane a bakinta.

Mu a Damagaram yanayi ya yi mana rangwame. Ƙarfe mai tsabta ba ya tsatsar kirki sai danshin iska ya haura kusan kashi 60 cikin 100, don a nan ne siririn ruwan da ido ba ya gani yake fara kwanciya a kansa. Daga hunturu zuwa bazara danshinmu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ruwan sama na shekara kusan milimita 400 ne, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Shi ya sa motar da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wadda ta sha iskar teku ko gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara, in ta iso nan cin da ta zo da shi yakan lafa. Amma wannan rangwamen ya sa muka yi sake. Tunda iska ba ta cin ƙarfenmu gaba ɗaya, sai muke mantawa cewa akwai ƴan wuraren da ba sa bushewa ko da a watan Maris.

Gindin ƙofa yana cikinsu. A ɗauka an haɗa ta da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurin bangonsa milimita ɗaya da rabi. Hunturu ya tara ƙura da yashi a gindinta. Ana watsa ruwan shara da na alwala ta nan, awaki suna fitsari a jikinta, damina ta zo ruwa ya kwanta. Yashin ya riƙe danshi da gishiri, kuma ya hana iska kaiwa ga ƙarfen da ya binne. Ke nan ɓangaren da ke cikin yashi ya zama tsakiyar ɗigon Evans, ɓangaren da ke sama da shi kaɗan ya zama gefen. A irin wannan wuri mai jiƙa da gishiri, ƙarfe na iya rasa kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara. In daga waje kaɗai ake ci, shekara 15 ke nan bango ya huje. Amma bututu rami ne. In mai walda bai toshe samansa ba, ko ya bar ƴan ƙofofi a ɗinkin walda, ruwan sama zai shiga ya taru a gindi ba mafita, kuma ba wanda ya taɓa shafa wa cikin fenti. Ana ci daga ciki ana ci daga waje, shekarun sun ragu da rabi. Ana gane wannan in an ga fenti ya yi ƙuraje a jere a ƙasan bututu, ko an ƙwanƙwasa da guduma aka ji sautin ya mutu, ko jan ruwa na tsiyaya daga wata ƴar huda bayan an ɗauke ruwan sama.

Maganin farko ba ya buƙatar gwangwanin fenti ko ɗaya. A ɗaga ƙofar ta bar ƙasa da yatsu biyu ko uku, a karkata dandamali ruwa ya riƙa gangarewa, a toshe saman kowane bututu, a huda ƴar ƙofa a can ƙasansa don abin da ya shiga ya fita, a riƙa share yashin. A ganina mai waldar da ya yi waɗannan ya fi wanda ya shafa fenti mai tsada alheri ga mai gida.

Shi fenti, yawancin mutane suna ɗauka yana toshe ruwa da iska ne ɗungum. Ba haka yake ba. Danshi da oksijin suna ratsa fenti a hankali. Abin da fenti yake yi da gaske shi ne ya maƙale wa ƙarfe har ruwa ya rasa wurin kwanciya a tsakaninsu, kuma ya hana narkakken gishiri wucewa, wato ya yanke hanyar ruwa ta batirin. Daga nan za a gane dalilin da ya sa shafa fenti a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce. Tsatsar tana riƙe da gishiri da danshi, fentin a kanta ya maƙale, bai taɓa ƙarfe ba. Gishirin da aka rufe zai jawo ruwa ta cikin fentin, fentin ya tashi ya yi bororo, cin ya ci gaba a ƙarƙashi inda iska ta yi ƙaranci, kuma mun ga irin wurin da ƙarfe ya fi narkewa ke nan.

Don haka rabin aikin fenti kankara ce. In aka koma ga ƙofarmu, duk inda ya huje ko ya yi laushi sai a yanke a sa sabo, fenti ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Sauran a kankare da buroshin waya ko injin gurza har sai farin ƙarfe ya bayyana, musamman cikin ƴan ramuka da kan ɗinkin walda, inda dattin walda yake maƙalewa. Sabon ƙarfe ma yana zuwa da wata baƙar fata mai sheƙi daga masana'anta. Tana kama da kariya, amma tana tsagewa, kuma in ta tsage ƙarfen da ke cikin tsagar ne yake ciwuwa da sauri, don haka gara a cire ta. In wurin ya sha fitsari ko ruwan gishiri, a wanke da ruwa mai tsabta a bari ya bushe sarai. A goge maiƙo da ƙura. Sannan a shafa fentin ƙasa, jan nan na hana tsatsa, a ranar da aka kankare, don ƙarfen da aka tsiraita in ya kwana a damina da safe za a tarar ya yi ja. Masu kyau a cikin fentin ƙasa suna ɗauke da sinadarin da ke rage narkewar ƙarfe, yawanci haɗin tutiya da fosfet. Na dā mai jar dalma yana aiki, amma guba ne, kuma wanda zai kankare tsohon fenti irin wannan ya rufe hancinsa, ya nisanta yara.

Bayan fentin ƙasa ya bushe sai a bi da shafi biyu na fentin sama, ana barin kowanne ya bushe kamar yadda aka rubuta a gwangwani. Shafi ɗaya na buroshi yakan bar kaurin mikiron 30 zuwa 40 in ya bushe, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafi uku sun kai kusan mikiron 100, kuma kowane shafi yana rufe ƴan hujojin da na ƙasansa ya bari. A nan ne ake yawan cutar mai gida: a tsinka fenti da fetur har ya zama ruwa don gwangwani ɗaya ya isa ƙofa uku. Launi zai fito, ido ya gamsu, amma kaurin bai kai rabi ba. Kusurwoyi da bakin ƙarfe su ne fenti ya fi guduwa daga kansu, ya kamata a fara bin su da buroshi kafin a shafa sauran. Kuma a guji tsakar rana lokacin da ƙarfe ya ɗau zafi, don saman fentin zai bushe kafin cikinsa, haka ma ranar da ƙura ta taso.

Duk da haka fenti yana da rauni ɗaya da ba ya gyaruwa: in ya karce, ba shi da abin da zai yi wa wurin. Tsatsa za ta fara a cikin karcen ta riƙa rarrafe ƙarƙashin gefensa. A nan ne tutiya ta fi shi.

Kwanon rufi ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya. Tutiya tana narkewa a digiri 420, ana riƙe kwamin a kusan 450, kuma a wannan zafin tana haɗewa da fuskar ƙarfen ta zama jiki ɗaya da shi. Wani injiniya a Faransa, Stanislas Sorel, shi ya yi rajistar wannan hanya a 1837. Aikin tutiya biyu ne. Na farko irin na fenti ne, ta shiga tsakani. Ita ma tana ciwuwa, amma a iska takan yi wata fata mai ruwan toka, mai maƙewa, wadda ke rage cin nata zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na cin ƙarfe. Dushewar da sabon kwano yake yi bayan damina ɗaya ita ce wannan fatar, kuma alheri ce.

Aiki na biyu shi ne abin mamakin. Ƙarafa ba ɗaya suke ba wajen saurin sakin elektiron. In aka jera su, maganiziyam ne a gaba, sai alminiyam, sai tutiya, sai ƙarfe, sai kuza, sai tagulla a baya. In biyu suka taɓa juna kuma ruwa ya haɗa su, na gaba ne yake narkewa, na baya ya zama wurin da oksijin ke karɓar elektiron kawai, ba ya rasa komai. Kamar mai lamuni ne da ya tsaya wa wani: mai bin bashi ya zo, shi ke biya. Saboda haka in kwano ya karce har ƙarfe ya fito, ɗigon ruwa ya rufe karcen, tutiyar da ke gefe ce take narkewa ta tura wa ƙarfen elektiron, ƙarfen ya zauna fari. Bakin kwano da aka yanka da almakashi ma haka yake samun kariya. Iyakar abin ita ce nisa. A siririn ruwan da ke kwanciya kan rufi, kariyar ba ta wuce ƴan milimita kaɗan daga inda tutiya ta tsaya, don haka wurin da ya saɓule kamar faɗin tafin hannu tsakiyarsa zai yi ja.

Gwangwanin tumatir yana nuna ɗaya fuskar. Shi da kuza aka lulluɓe shi, kuza kuwa a bayan ƙarfe take a jerin nan. Muddin lulluɓin bai fashe ba, lafiya. Da ya karce a waje, ƙarfe ne ya zama mai biya, shi ya sa gwangwanin da aka yar a bola yake cinyewa cikin damina ɗaya ko biyu alhali guntun kwanon da ke kusa da shi yana nan.

Tunda tutiya ƙarewa take yi, tsawon ran kwano lissafi ne mai sauƙi: kaurin tutiya a raba da abin da take rasawa a shekara. Ana rubuta nauyin lulluɓin da lamba irin Z275, ma'ana giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, in an haɗa fuska biyu. Kowace fuska ta samu rabi ke nan, kaurin kusan mikiron 19. Mai lamba Z100 kuwa kusan mikiron 7 ne a fuska. A busasshen wuri mai tsabtar iska, tutiya ba ta rasa fiye da kashi bakwai cikin goma na mikiron a shekara. Ko da an ɗauki wannan mafi munin adadin, Z275 zai kai shekara 27 kafin jan farko ya bayyana, Z100 kuwa shekara 10. A bakin teku, inda ake iya rasa mikiron 3 a shekara, na farko bai wuce shekara 7 ba, na biyu shekara 2 da ɗoriya. A kasuwa mukan tambayi kaurin kwano, mu lanƙwasa shi mu ji tauri. Kaurin ƙarfen yana da amfani wajen jure iska da takun mai gyara, amma ba shi ke faɗin yaushe tsatsa za ta fara ba. Kwano biyu masu kauri ɗaya suna iya bambanta ninki uku a tutiya, kuma ido ba ya rabewa. A nemi lambar a jikin kwanon ko a takardar dila.

Mu ma da hannunmu muna gajarta wannan lissafin. In aka jibge sabon kwano a tsakar gida ruwa ya shiga tsakanin fallayen, iska ba ta kaiwa balle fatar nan mai kariya ta samu, sai tutiyar ta zama farin gari kamar alli, kuma cikin ƴan makonni ana iya asarar abin da ya kamata ya yi shekaru. A ajiye shi a inuwa, a jingine, ba a kan ƙasa ba. Ƙusar da ba ta da lulluɓin tutiya tana shan tutiyar da ke kewaye da ita, shi ya sa ake ganin jan zobe a bakin kowace ƙusa da jan zane yana gangarowa. Rufin garken dabbobi da ɗakin kaji daga ciki yake ciwuwa, saboda tururin fitsari da kashi. Ƙurar da ta cika kwarin kwano da inda fallaye suka hau juna tana riƙe ruwan farkon damina, share ta kafin ruwa ya sauka ba ƙaramin aiki yake yi ba. Walda kuwa tana ƙone tutiya ƙurmus, don tutiya tana tafasa a digiri 907, wutar walda ta wuce nan nesa. Duk ɗinkin walda a kan bututu mai tutiya tsirara yake, sai an goge an shafa fenti mai garin tutiya a ciki. Farin hayaƙin da ke tashi a lokacin yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare, ƴan uwa masu walda su yi wannan aikin a fili, iska tana kaɗa hayaƙin gaba. Wanda kuma yake son shafa wa kwano fenti ya sani fentin mai na yau da kullum ba ya zama a kan sabuwar tutiya, yakan saɓule kamar fata, sai da fentin ƙasa da aka yi don ita.

In tutiya tana iya kare ƙarfe ta hanyar taɓa shi kawai, ashe ba dole sai an lulluɓe ba. Ana iya ɗaura dunƙule ɗaya a bar shi ya ciwu. Humphry Davy ne ya fara gwada haka a 1824, a kan jiragen ruwan yaƙin Ingila da aka lulluɓe gindinsu da tagulla: ya maƙala guntayen tutiya da na ƙarfe, cin tagullar ya ragu ƙwarai. Har yau ana maƙala dunƙulen tutiya ko na alminiyam a gindin jirage. A cikin ƙasa da ruwan daɗi, inda lantarki ba ya tafiya da sauƙi kamar a teku, maganiziyam ake sawa don turinsa ya fi ƙarfi. Sandar da ke cikin tankin dafa ruwan wanka na lantarki irin wannan ce. Ana iya ganin aikin a kofi biyu na ruwan gishiri: ƙusa ɗaya a naɗe ta da bawon tutiya na tsohon batirin tocila da aka wanke, ɗaya a naɗe ta da wayar tagulla. Ta farko za ta zauna fari bawon yana cinyewa, ta biyu za ta riga ƙusar da ba a naɗa wa komai ba yin ja.

Abin yana da ma'auni. Wutar amfiya ɗaya in ta yi shekara tana fita daga ƙarfe, ta tafi da kilo 9 na ƙarfen. In tutiya ce ke bayar da wannan wutar, kusan kilo 11 za ta rasa. Da wannan injiniya yake lissafa nauyin dunƙulen da zai binne da shekarun da zai yi. Ƙarfe tsirara mai faɗi yana shan wuta da yawa, don haka ba a dogara da dunƙule shi kaɗai. Ana lulluɓe bututu da fenti ko roba mai kauri, dunƙulen ya tsare ƴan wuraren da lulluɓin ya fashe kawai. Dogayen bututun mai, irin wanda ya taso daga Agadem zuwa matatar da ke arewacin garin nan, galibi sun fi ƙarfin dunƙule, sai a tura musu wutar daga na'ura, amma dabarar ɗaya ce. Ana tabbatar da kariya ta kama ta hanyar auna wutar da ke tsakanin bututu da ƙasa da wani ma'auni na tagulla: in ta kai −0.85 V ko ta fi haka sauka, cin ya tsaya.

Sharaɗi biyu ne ba a tsallakewa. Dole dunƙulen ya haɗu da ƙarfen jiki da jiki, ko ta waya mai kyau, ba fenti ko tsatsa a tsakani. Kuma dole su biyun su kasance cikin ruwa ɗaya ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ɗaya. Shi ya sa ɗaura guntun tutiya a saman ƙofa ko a jikin mota ba ya hana komai, don babu ruwan da zai rufe zagayen wutar. Kada kuma a shafa wa dunƙulen fenti. In aka buɗe tankin ruwan zafi aka tarar da sandar tana nan sumul bayan shekaru, alama ce haɗinta ya yanke, tankin ne yake ciwuwa a madadinta. In kuwa ta rame har ta wuce rabi, ko wayar da ke tsakiyarta ta fara bayyana, a sa sabuwa kafin ta ƙare.